Yadda Hajiya Safara'u Ta Zama Mishan

Hajiya Safara'u ta Layin Gada, a Rikkos, shekara talatin da biyu ta yi tana buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Har yau in tana sauraron mutum, yatsunta kan riƙa motsi a kan cinyarta kamar tana buga abin da yake faɗa, kuma in ka lura da fuskarta za ka ga tana gyara masa kurakurai. Kakanta haƙar kuza ce ta kawo shi Jos. Ubanta ya tsufa yana awon katako a kasuwar Katako. Ita kuwa boko ta kama, ta riƙe shi gam, ta yi aure, ta haifi huɗu, ta binne miji, ta yi ritaya, ta je Makka ta dawo da haƙori guda na zinariya wanda ba ta taɓa bari ya wuni a rufe ba.

A layin nan duk wata takarda mai mutunci ta hannunta take bi. Neman aiki, ƙorafi wurin mai unguwa, katin biki, har sanarwar rasuwa. Ba ta karɓar ko sisi. Ladanta ɗaya ne, a ce, "Ai in ba Hajiya ba, wa zai iya?" In ka manta ba ka faɗa ba, za ta tsaya da takardar a hannu tana duba ta gaba da baya har sai ka tuna.

Aibinta guda ne, amma ƙato. Ba ta iya jin ana yabon wata. In aka yaba miyar maƙwabciya a gabanta, nan take za ta tuna gishiri na kawo hawan jini. In aka ce 'yar wance ta yi kyau ranar aurenta, sai ta ce masu kwalliyar yanzu sun ƙware ƙwarai.

Wadda ta fi shan wannan hali ita ce Malama Loyis, Maman Siman, wadda katanga ɗaya ta raba su shekara arba'in. Malamar firamare ce, ita ma ta yi ritaya. Naman Sallah na tsallaka katangar, shinkafar Kirsimeti na dawowa, kuma lokutan da garin ya rikice kowacce ta taɓa riƙe wa 'yar'uwarta makullin gida. Amma ranar da Loyis ta canja kwanon rufi, sati bai zagayo ba Safara'u ta gano nata ma yana yoyo.

A watan Agustan bara babbar kwatar layin ta toshe da leda da robar ruwa, ruwa ya bi ɗakuna, ya jiƙa katifu, ya tafi da kajin mutane. Maza suka yi taro sau biyu suka yi Allah wadai. Mata suka gaji da jira, suka kafa tasu ƙungiyar, su talatin da huɗu, Musulmi da Kirista. Suka ɗora Mama Ngozika mai kantin kayan masarufi a kan shugabanci, don ita ce kowa ke jin tsoron bakinta. Kujerar sakatariya aka ce a bari sai an yi zaɓe a farkon Afrilu. Safara'u ba ta ga abin jira ba. Ta sayi babban littafi mai baƙin bango, ta rubuta SAKATARIYA a kai, tana ɗaukar bayanin taro tun ba a sa ta ba. A wurinta kujerar nan gado ce, zaɓen kuwa ladabi ne kawai.

Sai ga gayyata daga wata gamayyar ƙungiyoyin unguwanni, wai a turo mutum ɗaya bitar kwana uku. Safara'u tana Bauchi wurin sunan jikarta. Aka tura Loyis.

Safara'u ta dawo ta iske Loyis da jaka mai tambari, da biro mai tambari, har da ɗan katin suna da ake ratayawa a wuya. Safara'u ta dubi katin nan ta ce, "Maman Siman, allura aka yi muku ne aka ba ku shaida?"

"Ilmi aka ɗura mana, Hajiya. Ki zo taron Lahadi ki sha ragowar."

Ranar Lahadi bayan la'asar aka cika rumfar kantin Mama Ngozika. Loyis ta miƙe da muryarta ta aji uku, ta ce gamayyar za ta ba ƙungiyoyi baro da shebur da takalman roba kafin damina, amma sai an cike fom, kuma a fom ɗin akwai gida biyu da ba a barinsu fayau: bishon da mishan.

"Bishon," in ji ta, "shi ne hoton inda muke so mu ga layin nan wata rana. Ba a sa aiki a ciki, ba a sa shebur. Gajeriyar magana ce, wadda in ta tabbata za mu iya rufe ƙungiyar mu koma gida. Mishan kuma shi ne abin da muke yi yanzu don mu isa can: su wa muke, me muke yi, don wa, ta wace hanya. Na gwada rubuta bishon ɗin, ku ji."

Ta gyara tabarau ta karanta: "Layin Gada inda hadari zai haɗo, ba wadda za ta ruga ɗaga katifa."

Duk macen da ke wurin ta san gudun nan, daga kasuwa ko daga coci ko daga gidan biki, zani a hannu, don a ɗora katifa a kan tebur kafin ruwa ya sauko. Wata tsohuwa ta share ido da bakin mayafi. Wata ta rangaɗa guɗa.

Safara'u ta ji guɗar nan har cikin haƙorinta na Makka. Kalma goma sha uku! Ta ƙirga su da yatsu. Ita da ta buga jawaban kwamishinoni masu shafi ashirin ba a taɓa yi mata guɗa ba. Ta miƙe da tata takardar, wadda ta buga tun a Bauchi ba tare da kowa ya sa ta ba.

"Mu dai da ba mu je bita ba, ga ɗan abin da muka iya." Ta karanta: "Mu matan Layin Gada muna yashe kwatocin layinmu duk Asabar ɗin farkon wata, muna tara shara wuri guda, muna bin gida-gida muna hana zuba bola a rafi, domin ruwa ya daina shiga gidajen unguwarmu."

Loyis ta tafa hannu da gaske. "Shi ke nan! Wannan shi ne mishan sak, ko waƙafi ba za a taɓa ba. Nawa a sama, naki a ƙasa. Hajiya, ashe ke ce mishan ɗinmu!"

Aka kwashe da dariya. Mama Ngozika, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Hajiya, ka ji? Ka je Makka ka dawo mishan!" Aka ƙara wata dariyar. Cikin hayaniyar wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma ya isa kunne, "Ai Malama ce ta dace da sakatariya."

Nawa a sama, naki a ƙasa. Da wannan Safara'u ta fita.

A gaskiya ba abin da ya shige mata duhu. A ma'aikatarsu ta buga kalmomin nan biyu ya fi sau hamsin, har an sa su a gilashi an rataye a bakin ofishin oga. Ta san ma'anarsu kamar yadda ta san sunan 'ya'yanta. Amma a hanyar gida Suwaiba mai awara ta cim mata tana haki. Suwaiba mace ce mai kirki da sauri, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

"Yaya Hajiya, ni fa ban gane ba. Wane irin mishan kuma? Ba gyaran kwata muka zo ba?"

Safara'u ta gyara mayafi. "Ni ban je bita ba, Suwaiba."

"Amma ke kin yi aikin gwamnati."

"Kunnenki ya ji abin da nawa ya ji. Bishon da mishan. Ke a garin nan, a ina kika saba jin irin waɗannan sunaye?"

Suwaiba ta tsaya cak. A Jos ko yaron goye ya san makarantar mishan da asibitin mishan da gidan mishan. Ta dafe ƙirji. "Bishop! Bishop da mishan! Innalillahi! Shi ya sa aka tura ta ita!"

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Safara'u. Kuma gaskiya ne, ba ta ce ba. Irin wannan gaskiyar ce takan sa mutum ya kasa haɗa ido da madubi.

Suwaiba tana soya awara a bakin layi daga hantsi zuwa magariba, kuma duk wanda ya sayi ta ɗari sai ta ƙara masa da labari. Kafin Laraba an ce Bishop ne ya kira bitar. Kafin Juma'a an ce shi zai zo raba takalman roba da kansa, kuma duk wadda ta sa ƙafa a ciki an rubuta sunanta. Maza suka fara cewa matansu su zauna gida. Loyis ta bi gidaje uku tana bayani, amma duk sanda ta ce "mishan" sai a ƙara tsuke fuska, don ita Turancin bitar ya zauna mata a baki, ta kasa sauke shi. Ta leƙa ta katanga ta ce, "Hajiya, ke suna jin maganarki, ki gaya musu mana."

"Wa, ni? Ai ke ce a sama, Maman Siman."

Mata goma sha shida suka janye. Suka taru a tsakar gidan Suwaiba suka kafa tasu, suka ba Suwaiba shugabanci, suka ba Safara'u sakatariya ba hamayya. Ta samu abin da take so. Ta buɗe sabon shafi a baƙin littafinta, ta ja layi biyu da rula. Kwana bakwai ta yi tana sakatariya, kuma a kwanakin nan ko gaisuwa ta yi sai ka ji kamar za ta ce a sa hannu a ƙasa. Abu ɗaya ya rage mata daɗi: an daina turo mata kunun gyaɗa ta kan katanga, kuma matan da ke gaisawa a bakin famfo sun koma kowacce da nata ɓangaren.

Sai aka yi yayyafin farko. Bai fi na minti ashirin ba, amma kwata ta cika har baki, mata suka ruga ɗaga katifu. Washegari Suwaiba ta ce ba za su zauna ba shebur ba, ita da ƙafarta za ta je ofishin gamayyar ta karɓo musu nasu fom ɗin. Safara'u ta ce a bari ita ta je. Suwaiba ta ce sakatariya ba 'yar aike ba ce. Da girmamawa aka kashe ta.

Da azahar Suwaiba ta dawo, ta tara mata, ta shimfiɗa fom ɗin a kan turmin da aka kife.

"Yaya Hajiya, karanta mana gidan nan."

Safara'u ta laluba jaka. "Na bar tabarau."

"Yana kan goshinki."

Ta sauko da shi. Ta yi gyaran murya. "Sunan ƙungiya."

"Na ƙasansa."

"Adireshi."

"Yaya Hajiya, kada ki maishe ni 'yar yaye. Wadda ta ba ni takardar nan hijabinta har ƙasa yake ja, ta fi ni alamar salla a goshi. Ta sa biro a nan ta ce, ku cike bishon, ku cike mishan. Na ce mata mu Musulmi ne. Ta yi dariya har sai da ta kira na ofishin kusa ya zo ya ji. Ta ce ko ƙungiyar masallaci ce sai ta cike. Ta ce kuma kwata ɗaya ba a ba ta ƙungiya biyu, mu je mu daidaita, in ba haka ba duk mu rasa. Yanzu ina tambayarki tsakaninki da Allah: kin san ma'anar kalmar nan ranar da na tare ki a hanya?"

Yatsun Safara'u suka tsaya a kan cinyarta.

"Na sani."

"To mece ce?"

"Aiki. Aikin da ƙungiya ta ɗora wa kanta, wanda take yi yau da gobe. Turawan coci ma don an aiko su da aiki ne sunan ya bi su. Ɗayan kuma ba Bishop ba ne, buri ne. Inda ake so a kai."

"Kika bar ni na zaga layi da Bishop a baki kwana goma sha biyu! Har na hana maƙwabciyata Maman Dung bashin awara, na daina gaishe ta!"

Wata dattijuwa ta ce, "To tunda kin sani, rubuta mana namu burin mu ji, ko ya fi na Malama."

Wannan ce damar da Safara'u ta daɗe tana jira, kuma ita ce ta ƙarasa ta. Ta ɗauki biro. Ta rubuta, ta soke, ta sake. Mata goma sha biyar suna kallonta. Daga ƙarshe ta karanta: "Ƙungiya mai baro goma da shebur ashirin da ofis nata na kanta."

"Wannan ai sautun kasuwa ne," in ji Suwaiba.

Ta sake gwadawa: "Za mu riƙa yashe kwata sau biyu a wata."

"Kin koma aiki," in ji dattijuwar. "Ke da bakinki kika ce ɗaya aiki, ɗaya buri. Ina burin?"

Safara'u ta dubi takardar. Duk inda ta juya, katifar Loyis ce ke tare mata hanya. Ba ta da maganar da ta fi ta, kuma ta san ko shekara aka ba ta ba za ta samu ba. Ta ajiye biron.

"Nata ya fi," ta ce, kamar mai haɗiye maɗaci.

Lahadin da ta biyo aka koma rumfar Mama Ngozika, su talatin da huɗu cif. Mama Ngozika ba ta yarda a wuce da sauri ba.

"Hajiya, tashi ka faɗa da bakinka. Kai ne ka kunna, kai ne za ka kashe."

Safara'u ta tashi. Ta faɗa, ba ta rage ba, ko da yake ta yi ta kallon gwangwanayen madara da ke kan kanta maimakon fuskokin mutane. Da ta gama, Loyis ta ce, "Shekara arba'in, Hajiya. Da kin ce mini littafin kike so, da na bar miki. Me zan yi da shi? Na gaji da rajista tun ina koyarwa."

"Ba littafin ba ne kaɗai."

"To mene ne?"

"Guɗar."

Loyis ta dube ta, ta kasa riƙe dariya, rumfar ta ɗauka. Wata ta ce a yi wa Hajiya guɗa ta huce, aka rangaɗa mata har uku, irin wadda ta fi zagi ciwo.

Loyis ta ce ita ma da nata laifin, da ta zo da maganar da Hausa tun farko da ba a kai nan ba. Ta tambaya me za a kira su. Safara'u, da ba ta iya ganin gida fayau a takarda ta yi shiru, ta ce, "Burinmu. Aikinmu." Aka amince a rubuta haka a allon ƙungiya, a bar wa fom Turancinsa.

Sannan aka yi zaɓe da ɗaga hannu. Loyis ta ce ta janye, Mama Ngozika ta ce ba a janyewa a kantinta. Loyis ta samu talatin. Safara'u ta samu uku, ciki har da hannunta da na Loyis. Suwaiba ta naɗe nata hannuwan a ƙirji ta ce ita azumin zaɓe take yi. Safara'u ta miƙa baƙin littafin da hannu biyu, kamar mai ba da jariri.

"Saura mai kula da aiki," in ji Mama Ngozika. "Wanda ya rubuta duk Asabar ɗin farkon wata, shi zai fara shiga kwata. Hajiya Mishan, lamba nawa kake sawa a takalmi?"

Sunan ya zauna tun daga ranar. Har jikokinta na Bauchi sun ji shi.

Kayan suka iso ana saura kwana biyu Asabar ɗin farkon Mayu. Da hantsi Safara'u tana cikin kwata har gwiwa, ta ɗaure zani a kan wando, tana tura leda da shebur tana ba da umarni kamar kwata ofis ce. Kuma a faɗi gaskiya, ba wadda ta kai ta iya tsara aikin: ta raba mata gida huɗu, ta sa masu baro a layi, ta kori wani mai shago da ya zo da bokitin shara yana murmushi. Loyis na tsaye a bakin kwatar cikin farar riga, tana kiran suna.

"Hajiya Safara'u!"

"Kin makance ne?"

"Sai kin amsa zan rubuta. Haka doka ta ce."

"Wace dokar?"

"Wadda kika buga."

Safara'u ta soka shebur cikin laka ta ɗago kai. "Miƙo littafin nan in gani."

Loyis ta sunkuyo da shi, nesa kaɗan da hannun mai laka. Safara'u ta bi shafin da ido daga sama har ƙasa tana neman kuskure. Rubutun malamar firamare ne, zagaye, tsaf, kowane harafi a kan layinsa. Ta sake bi. Babu.

"Biron ne mai kyau," ta ce, ta koma kan shebur ɗinta.